Kumburi a gefen dubura da zazzaɓi: basur ne ko maruru?

Mahamadu Sani: Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Ku gafarce ni da maganar da zan kawo, domin wuri ne da ba a cika ambatonsa cikin mutane ba, amma lalura ce ta sa. Yayana direban babbar mota ne, yana ɗaukar albasa daga yankin Galmi zuwa Yamai, shekarunsa 43. Tun ranar Asabar ya fara jin zafi a gefen dubura ta ɓangaren hagu, yau Laraba ke nan, kuma kullum abin ƙaruwa yake yi. Wurin ya kumbura, ya yi tauri, ya yi ja, yana zuga dare da rana ko da bai je bayan gida ba. Ba ya iya zama, kwanciya ma sai rub da ciki. Jiya da dare zazzaɓi ya rufe shi har da rawar sanyi, da muka gwada zafin jikinsa ya kai 38.7. Jini bai fita ba. Shi dai ya tsaya a kan cewa basur ɗinsa ne ya tashi, saboda a baya yakan ga jini idan cikinsa ya ɗaure, don haka ya sayi maganin shafawa da na matsi, yana kuma shan jiƙo. Yanzu muna gida a nan Tawa, kuma ya ƙi a kai shi asibiti don tsoron a yanka shi. Shin basur yana yin haka, kuma me ya kamata mu yi?

Alhaji Idi: Wa alaikumus salam. Allah ya ba shi lafiya. Wannan basur ne mai tsiro, kuma direbobi da teloli sun fi kowa saninsa, saboda dogon zama a wuri mai zafi. Ya bar cin tonka da gasasshen nama, ya yawaita kuɓewa da ganye da ruwa, sannan a dafa bagaruwa a bar ruwan ya huce ya riƙa zama a ciki safe da yamma. Ni ban ba da shawarar a yi gaggawar kai shi wurin wuƙa ba, domin na san wani a garinmu da aka yi wa aikin basur, tun daga lokacin bai ƙara iya riƙe iska yadda ya kamata ba.

Majo Isufu: Alhaji, Allah ya ƙara girma, shawararku ta ganye da ruwa da zama cikin ruwan ɗumi daidai take ga mai basur, amma abin da Mahamadu ya siffanta ba basur ba ne. Na yi shekaru ina aiki a sashen tiyata, kuma duk da cewa ba a yanke hukunci a kan ciwo sai an gan shi da ido, alamomin nan da suka haɗu wuri ɗaya, wato zafin da ke ƙaruwa kullum ba ya sauka, kumburi mai tauri da ja a gefen ƙofar dubura, da zazzaɓi, alamomin maruru ne wanda ya tara mugunya. Mahamadu, a kai shi asibitin da ke da ɗakin tiyata yau, kada a jira gobe.

Bari in bayyana dalili, don ka samu abin da za ka faɗa masa. Basur jijiyoyin jini ne da ke cikin dubura tun asali, waɗanda suke kumbura su saki saboda yunƙuri da ɗaurewar ciki. Na ciki yakan zo da jan jini bayan an gama bayan gida, ko nama ya leƙo ya koma, kuma galibi ba ya ciwo sosai. Babu ƙwayar cuta a cikin lamarinsa, shi ya sa ba ya kawo zazzaɓi. Maruru kuwa tushensa dabam ne. A cikin dubura, kamar santimita 2 daga bakinta, akwai wasu 'yan ƙananan ƙofofi da ke kaiwa ga 'yan jakunkuna masu fitar da majina, waɗanda suke kwance tsakanin tsokoki biyu masu matse dubura. Idan ƙofar ɗaya ta toshe, ƙwayoyin cutar hanji sukan hayayyafa a ciki, mugunya ta taru, ta rasa hanyar komawa cikin hanji, sai ta bi wuri mai taushi ta nufo fata ko ta kutsa cikin kitsen ɗuwawu. Kusan 9 cikin 10 na irin wannan maruru ta haka suke farawa, kuma ya fi kama maza, musamman tsakanin shekara 20 da 60. Mutum yana iya zama da basur na shekaru, sannan maruru ya same shi, ɗaya bai hana ɗaya ba. Wannan ne ya ruɗi yayanka.

Hajiya Zainabu: Majo, ni ban yarda cewa basur ba ya ciwo ba. Bayan haihuwata ta uku wani ƙullutu ya fito mini a wurin cikin dare ɗaya, na kasa zama, na kasa tafiya, har na fi jin zafinsa a kan na naƙuda. Ungozoma ta duba ta ce basur ne, ba a yanka ni ba, kuma ya warke da ruwan zafin jego da maganin rage ciwo. To me zai hana na yayansa ya zama irin nawa?

Majo Isufu: Hajiya, gaskiyarki, kuma tambayarki ita ce mafi amfani a nan, domin irin naki ne kaɗai basur ɗin da ake iya ruɗa shi da maruru. Abin da ya same ki shi ne jini ya daskare a cikin jijiyar basur na waje. Amma ki lura da yadda kika ba da labarin da kanki. Kin ce cikin dare ɗaya ya fito, to haka yake yi, yana zuwa ne kwatsam, bayan yunƙuri ko haihuwa ko ɗaukar kaya mai nauyi. Ƙullutun yakan tsaya a daidai bakin dubura, yana da iyaka sarai ana iya kama shi da yatsu, launinsa shuɗi-shuɗi ko baƙi-baƙi saboda gudan jinin da ke ciki, fatar da ke kewaye da shi kuma lafiya lau take. Zafinsa ya fi tsanani a kwana biyu na farko, daga kwana na uku ko na huɗu sai ya fara sauka da kansa, ƙullutun ya motse cikin mako biyu zuwa uku.

Maruru akasin haka yake tafiya. Yana farawa a hankali, mutum ya ji nauyi-nauyi a wurin, sannan kowace rana ta fi ta jiya. Kumburin ba a bakin ƙofar yake ba, a gefe yake, ba shi da iyaka bayyananniya, idan an ɗora hannu a ji fatar da zafi, kuma ciwon yana bugawa tare da bugun zuciya, tari ko atishawa ma suna tayar da shi. Yayan Mahamadu yana kwana na biyar, lokacin da irin naki ya kamata a ce ya fara lafawa, amma nasa sai gaba yake yi, ga kuma zazzaɓi. Ina tambayarki, Hajiya, a lokacin naki kin yi zazzaɓi da rawar sanyi?

Hajiya Zainabu: A'a, ban yi ba, jikina ƙalau yake ban da wurin. Kuma lallai a rana ta huɗu na fara samun barci. Na fahimta yanzu.

Abdul'aziz: Na yarda da Majo cewa maruru ne, domin ina aiki a farmasi kuma muna ganin irinsu. Sai dai tun da ƙwayar cuta ce ta jawo shi, a ganina ba sai an kai ga yanka ba. A fara ba shi amoksisilin mai haɗi da kilabulanik da kuma metronidazol na kwana bakwai, da diklofenak don kumburin, idan bai faɗa ba sannan a yi maganar tiyata. Mutumin da ke tsoron wuƙa zai fi karɓar wannan, kuma ya fi sauƙin kuɗi.

Majo Isufu: Abdul'aziz, magungunan da ka ambata su ne ake amfani da su, amma ka sa su a inda ba wurinsu ba. Maganin kashe ƙwayoyin cuta ta cikin jini yake tafiya, duk inda jini ya je nan yake zuwa. Ramin mugunya kuwa babu jijiyar jini a cikinsa, matattun ƙwayoyin jini ne da ruɓaɓɓen nama da ƙwayoyin cuta, jiki ya yi musu katanga ya killace su. Maganin zai iya isa bakin katangar ya rage jan da ke kewaye, zazzaɓi ma ya sauka, amma abin da ke ciki yana nan. Ga shi kuma tushen ciwon a buɗe yake ta wajen hanji, inda ƙwayoyin cuta ba sa ƙarewa. Abin da muke gani shi ne mutum ya sha magani mako guda, diklofenak ya ɓoye masa ciwo da zazzaɓi, ya ɗauka yana warkewa, alhali mugunya tana cin hanya a ƙasa. Tana iya zagayawa ta bayan dubura ta ɓulla a ɗaya ɓangaren, sai marurun da za a buɗe da yanka ɗaya ƙarami ya koma mai buƙatar yanka biyu ko uku. Tana kuma lalata tsokar da ke riƙe bayan gida, wato abin da Alhaji yake tsoro daga wuƙa, jinkiri ma yana kawo shi.

Wurin maganin shi ne bayan an buɗe, kuma ba kowa ke buƙatarsa ba. Ana ba wanda ke da zazzaɓi kamar wannan bawan Allah, da wanda ja ya bazu a fatarsa, da mai ciwon sukari, da wanda garkuwar jikinsa ta yi rauni, da mai ciwon ƙofofin zuciya. Saurayi mai lafiya da ƙaramin maruru ba zazzaɓi, buɗewar kaɗai takan wadatar.

Wani abu kuma da mutane ke cewa shi ne a bari ya nuna tukuna. A maruru na hannu ko na cinya ana iya jira, amma a nan ba a jira. Wanda ya shiga cikin kitsen ɗuwawu yana iya tara mugunya mai yawa alhali daga waje tauri kawai ake ji, babu laushi, babu kai. Akwai ma wanda ba a ganin komai a waje sam, domin yana tsakanin tsokokin ne ko sama da su, sai dai mutum ya yi ta kuka da ciwo a ciki da zazzaɓi, wani lokaci fitsari ya ƙi fita. Irin wannan sai likita ya sa yatsa, ko a duba shi bayan an yi masa allurar kashe jiki.

Malam Habu: Ni abin ya taɓa samuna, kuma ban je asibiti ba. Na daure har ya fashe da kansa cikin dare, mugunya ta zuba, na samu sauƙi nan take. Karo na biyu da ya dawo, wanzami ya yi mini sakiya. Saboda haka ni a ganina ko an je ko ba a je ba, ƙarshenta dai fitar da mugunyar ce. Abin da ya rage mini yanzu wani ɗan ƙurji ne a wurin, yakan rufe ya yi mako biyu ko uku, sai ya ɗan kumbura ya tsiyayar da ruwa ya ɓata mini wando, sannan ya sake rufewa. Na saba da shi, ina shan maganin basur idan ya motsa.

Majo Isufu: Malam Habu, na gode da kuka faɗi wannan, domin ba kowa zai iya faɗa ba. Abin da kuke ɗauke da shi ba ƙurji ba ne, kuma maganin basur ba zai taɓa shi ba. Bisa ga bayaninku, hanya ce ta ɓulle tsakanin cikin dubura da fata, wadda muke kira yoyon dubura. Ƙofar ciki, inda ciwon ya faro, ba ta rufe ba, don haka ƙazanta tana shiga kaɗan-kaɗan tana bin hanyar da mugunya ta haƙa, idan bakin waje ya rufe sai ta taru, idan ta cika sai ta fashe. Ba ya warkewa da kansa sai nadiran, aiki yake buƙata.

Dole in yi adalci a nan. Ko a asibiti aka buɗe maruru da kyau, kusan mutum 1 cikin 3 yakan samu wannan yoyon daga baya, domin buɗewa tana fitar da mugunya ne, ba ta rufe ƙofar ciki. Don haka ba zan ce muku da kun je asibiti da ba ku same shi ba. Bambancin yana wani wuri. Idan maruru ya fashe da kansa, ko aka huda shi da tsinke, ƙofar ƙarama ce, fata takan rufe cikin kwana biyu tun ramin bai tsane ba, kuma ramin yakan kasance da ɗakuna-ɗakuna kamar gidan gara, ɗaya ya zube sauran su zauna cike. Shi ya sa naku ya dawo. Haka kuma wanda ya fashe da kansa yana fashewa ne a inda ya ga dama, sau da yawa nesa da dubura, sai hanyar yoyon ta yi tsawo ta ratsa tsoka mai yawa, aikinta kuma ya yi wuya. Ga hatsarin ƙarfen da ba a dafa ba, wanda ke iya ɗaukar ciwon hanta ko tsinkau-tsinkau. Ku je a duba ku, kuma idan kuna da tari mai daɗewa ko rama ko gudawa da jini, ku faɗa wa likita, domin tarin fuka da wasu cututtukan hanji suna iya haddasa yoyon da ke ƙin warkewa.

Mahamadu Sani: Majo, na karanta masa duk bayaninku. Ya ɗan sassauto, amma yana tambaya yadda aikin yake, ko za a yi shi yana ji yana gani, da kuma ko zai rasa riƙon bayan gida kamar mutumin da Alhaji ya ambata. Yana kuma cewa ko za a bari sai ranar Asabar, mai motar ya biya shi kuɗin tafiyar da ta wuce.

Majo Isufu: Ka faɗa masa aikin gajere ne, sau da yawa bai wuce minti 20 zuwa 30 ba. Idan marurun ƙarami ne kuma yana dab da fata, ana iya yin allurar kashe wurin a buɗe shi. Amma allurar wuri ba ta kamawa sosai a naman da ya yi mugunya, don haka ga irin nasa mai girma da zazzaɓi, an fi yin allurar gadon baya wadda ke kashe jiki daga ƙugu zuwa ƙasa, ko a sa shi barci gaba ɗaya. Ba zai ji yankan ba. Saboda wannan ne nake so daga yanzu kada ya ci komai, domin ana son ciki ya yi awa 6 babu abinci kafin a yi allurar. Farasitamol giram 1 zai iya sha da ɗan kurɓin ruwa. Ku tafi da kwalayen duk abin da ya sha, har da jiƙon, a nuna wa mai allurar.

Likita zai yanka fata a kan kumburin, yana matsowa kusa da dubura gwargwadon iko, don idan yoyo zai biyo baya hanyarsa ta zama gajeriya. Yakan cire ɗan yankin fata don kada bakin ya yi saurin haɗewa, ya sa yatsa ya farfasa ɗakunan da ke ciki, ya wanke ramin. Ba a ɗinkewa, a buɗe ake barinsa ya cike daga ƙasa zuwa sama, kuma wannan yakan ɗauki mako 3 zuwa 6 gwargwadon zurfinsa. Wuƙar fata da kitse take ratsawa, ba ta taɓa tsokar riƙo, saboda haka buɗe maruru shi kaɗai ba ya sa mutum ya rasa riƙo. Inda ake taka-tsantsan shi ne aikin yoyo, kuma can ma idan hanyar ta ratsa tsoka mai yawa ba a yanke ta, zare ake zurawa a bar shi ya riƙa tsane wurin.

Maganar Asabar kuwa, ban yarda da ita ba ko kaɗan, a ranci kuɗin. Akwai wata cuta da ke iya tasowa daga irin wannan maruru, wadda ake kira da sunan Fournier, likitan birnin Paris da ya siffanta ta a 1883, inda ruɓa ke bin ƙarƙashin fata ta haura zuwa maraina da mara cikin awoyi, kuma tana kisa. Ba kowa take samu ba, ta fi kama mai ciwon sukari da wanda jikinsa ya yi rauni, amma yawancin masu ciwon sukari a wurinmu ba su san suna da shi ba. Ka duba shi yanzu. Idan ka ga kumburi ya kai maraina, ko fata ta fara yin baƙi ko ƙuraje masu ruwa, ko wari mai tsanani, ko ka danna ka ji ƙaras-ƙaras na iska a ƙarƙashin fata, ko fitsari ya tsaya, ko maganarsa ta fara rikicewa, to ko sallar la'asar kada ku jira. Ko babu ɗaya daga cikinsu, yau dai za ku tafi. Kuma kada ku ɗora shi a kan kabu-kabu, ku nemi motar da zai kwanta a gefensa.

Rakiya: Don Allah tun da ana maganar, ɗana mai wata takwas duburarsa ta yi ja tana saɓulewa tun da ya fara gudawa, tsofaffi sun ce ɗan kanoma ne. Shi ma yanka za a yi masa?

Majo Isufu: A'a Rakiya, wannan wata magana ce dabam. Jan da ya bazu ko'ina bayan gudawa galibi cin fata ne, wanki da ruwa da shanyawa da man kariya yake so, gudawar kuma ita ce abin kai shi likita, tare da ruwan gishiri da sukari. Kada a matsa masa komai a ciki. Idan dai kin ga ƙullutu guda mai tauri a gefe ɗaya yana kuka idan an taɓa, to jarirai maza ma suna yin marurun, sai a nuna wa likitan yara.

Mahamadu Sani: Jama'a, ga labarin da ake ciki yau Alhamis. Jiya bayan azahar muka kai shi babban asibiti, aka shiga da shi da dare, aka yi masa allurar gadon baya. Likitan ya ce marurun ya shiga cikin kitsen ɗuwawu fiye da yadda ake gani a waje, mugunyar da ta fita ta kusa cika kofin shayi, amma ba ta zagaya ɗaya ɓangaren ba. Bai ga ƙofar yoyo a fili ba, kuma ya ce bai tsaya tonon nemanta ba. Abin da ya ba mu mamaki shi ne yadda yaya ya yi barci har gari ya waye, yau kuma zafin jikinsa 37.4. Sai dai an auna sukarinsa an samu giram 2.4 a lita, alhali bai taɓa sanin yana da shi ba, ko da yake ya ce ya daɗe yana yawan shan ruwa da fitsarin dare, yana ɗora laifin a kan zafin hanya. An sa masa maganin kashe ƙwayoyin cuta ta jijiya da allurar sukari. An cusa bandeji a cikin ramin, an ce gobe za a cire.

Abdul'aziz: Alhamdu lillahi. Amma Majo, ina da ja a wuri biyu. Na farko, na sha jin cewa idan aka ba da magani na mako guda bayan buɗewa, yana rage yiwuwar yoyo, to me zai sa a hana saurayin da kuka ce ba ya buƙata? Na biyu, cusa bandeji kullum a cikin ramin, mutane suna cewa ya fi aikin kansa ciwo, dole ne?

Majo Isufu: A kan na farko likitoci ba su daidaita ba. An yi gwaje-gwaje, wasu sun nuna raguwar yoyo, wasu ba su nuna komai ba, shi ya sa za ka ga wani likita yana rubuta wa kowa, wani kuma sai ga masu zazzaɓi da masu sukari. Ni ina ɓangaren na biyu, saboda yadda magungunan nan suka fara daina aiki a wurinmu don yawan shansu barkatai, amma ba zan ce wanda ya rubuta ya yi kuskure ba. A kan na biyu, bandejin farko yana da dalili, tsayar da jini ne a kwana ɗaya ko biyu na farko. Cusawar kullum bayan haka al'ada ce da muka tarar, kuma binciken baya-bayan nan ya nuna tana ƙara ciwo ba tare da ta hanzarta warkewa ba, idan dai an buɗe bakin da faɗi. A rami mai zurfi wasu likitoci har yanzu sun fi son cusawa ko su bar ɗan tiyo, kuma wanda ya ga cikin ramin da idonsa shi ya fi ni sanin abin da ya dace da shi.

Mahamadu, likitan ya yi daidai da bai tona neman ƙofar ba, domin a naman da ya ruɓe ƙarfe yana iya huda hanyar da da babu ita. Game da sukari, ciwo da zazzaɓi suna ɗaga shi, don haka za a sake aunawa da safe kafin ya ci abinci bayan ya murmure, kuma daga giram 1.26 a lita zuwa sama, idan aka samu haka sau biyu, an tabbatar. Amma 2.4 tare da ƙishirwa da fitsarin dare, ku ɗauka yana da shi, kuma warkewar ramin ta dogara ƙwarai da saukar da shi. Idan an sallame ku, ya riƙa zama cikin ruwan ɗumi mai tsabta minti 10 zuwa 15, sau biyu ko uku a rana da kuma bayan kowane bayan gida, ya sa auduga mai tsabta ta tare ruwan da ke tsiyaya, wanda zai ci gaba da fita na wasu makonni kuma ba abin tsoro ba ne. A nan shawarar Alhaji ta kuɓewa da ganye ta shigo, don kada cikinsa ya ɗaure.

Alhaji Idi: Mun gode Allah da ya tashi lafiya. Na karɓi maganar maruru, amma har yanzu ina ganin dogon zama a mota ne ya jawo masa, kuma idan ya koma tuƙi zai dawo. Ruwan bagaruwa fa, Majo, ba za a sa masa a ruwan zaman ba? Mu da shi muka san ana busar da ciwo.

Majo Isufu: Alhaji, busarwar ce ba ma so a nan. Bagaruwa tana tsuke fata, mu kuma muna son bakin ramin ya zauna a buɗe har cikin ya cike, don idan sama ta riga ƙasa haɗewa, mugunya za ta sake taruwa. Ruwan ɗumi zalla ya isa. Maganar zama kuwa, ba a tabbatar da cewa shi ke toshe waɗancan ƙofofi ba, sukari da shan taba sun fi shi hujja, amma ba na musun cewa tafiyar Galmi zuwa Yamai a kan kujera mai zafi za ta wahalar da ɗanyen ciwo. Kada ya koma tuƙi sai ya iya zama ba ciwo kuma likitansa ya ga ramin ya kama cikewa, wanda a rami irin nasa zai yi wuya ya gaza mako biyu zuwa uku. Mahamadu, ku sa ido a kan abu biyu. Idan zazzaɓi ko zugar ta dawo cikin kwanakin nan, ku koma nan take, wataƙila wani ɗaki ya rage. Idan kuma aka wuce wata biyu wurin yana tsiyaya, ko ya rufe ya sake fashewa irin na Malam Habu, to yoyo ne, sai a shirya masa aiki na biyu a natse.

Malam Habu: Majo, shi aikin zaren da kuka ambata, ana yin sa a nan Tawa ko sai an je Yamai? Kuma mutum yana iya sallah da alwala da zaren a jikinsa?

Majo Isufu: Ku fara zuwa wurin likitan tiyata a nan ya duba tsawon hanyar da yawan tsokar da ta ratsa, shi zai ce muku ko zai yi da kansa ko zai tura ku gaba. Zaren ba ya hana tafiya ko zama ko wanka, mutane suna zuwa kasuwa da shi. Hukuncin alwala da ruwan da ke tsiyaya kuwa, wannan ku ne malamai, ku za ku faɗa mana.